Jawabin Wakiliyar Ɗalibai a Bikin Cikar Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Makarantarmu Shekara 15

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban makaranta, babban baƙonmu, malamin da ke kula da wannan ƙungiya, iyayenmu maza da mata, Amir da Amira, 'yan uwana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ba ni minti biyar in yi magana a kan falalar neman ilimi. Da farko na so in ƙi, don me 'yar aji biyar za ta faɗa a gaban waɗanda suka koya mata alwala? Sai Malam ya ce in faɗi abin da na sani kawai.

Bara a ajin lissafi, an yi mako uku ana koya mana yadda ake haɗa kaso da kaso, ban gane komai ba. Kullum malami ya tambaya, "Kun gane?" sai in bi ayari in ce mun gane. Kunya nake ji a ce ni kaɗai ce a baya. Ana nan, wata Alhamis a ta'alimin ƙungiya, Malam ya kawo mas'alar gado: mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji ɗaya. Mata tana da sumuni, wato ɗaya cikin takwas, uwa tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Ya ce wa zai raba? Masallaci ya yi tsit. Sai wani ƙaninmu ɗan aji uku ya ce a kasa dukiyar gida 24, a ba mata 3, uwa 4, ɗa ya ɗauki 17 da suka rage. Ashe abin da na tsallake a aji shi ne ya biyo ni har cikin masallaci, kuma hukuncin Allah ne a Suratun Nisa'i na kasa lissafawa. Daga baya Malam ya gaya mana cewa Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, ya keɓe babban sashe na littafin ga lissafin gado da wasiyya.

Ranar na gane cewa ba ƙwaƙwalwa na rasa ba, tambaya ce na ƙi yi. Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya ce mai jin kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Uwar muminai Nana A'isha kuwa ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su fahimtar addini ba. 'Yan uwana mata, mu da muke cika layin baya muna rufe baki da hijabi, wannan yabo namu ne in mun so shi.

Ku dubi irin wahalar da magabata suka sha. Jabir ɗan Abdullahi, sahabi ne da ya zauna da Manzon Allah, amma ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya tak. Annabi Musa, wanda Allah ya yi magana da shi, ya bi Halliru yana roƙon ya yarda ya koya masa, kamar yadda muke karantawa a Suratul Kahfi kowace Juma'a. Mu kuwa tsakaninmu da ofishin malamai taku nawa ne? Muslim ya ruwaito cewa duk wanda ya kama hanya yana neman ilimi, Allah zai sauƙaƙa masa hanyar Aljanna. Ina kyautata zaton wannan ɗan takun ma hanya ce.

Bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin da ba su da kuɗin fansa, an ce kowannensu ya koya wa yara goma karatu da rubutu a sake shi. Ba Musulmi ba ne masu koyarwar, amma an karɓa daga gare su.

Shekara 15 ke nan yayyenmu suna haɗuwa a ƙarƙashin wannan ƙungiya. Da yawansu suna zaune a nan yau, Allah ya saka musu da alheri. Ina da roƙo guda ga shugabanninmu: a ware mana minti 15 a ƙarshen kowane ta'alimi don tambayoyi, kuma a ajiye akwati a ƙofar masallaci, wanda bakinsa ya yi nauyi ya rubuta ya jefa. Tambayar fiƙihu ce ko ta kimiyya, a amsa. Iyayenmu kuma, don Allah in mun dame ku da tambaya a gida, a yi haƙuri da mu.

Rabbi zidni ilma. Na gode da kuka saurare ni. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.