Takardar Neman Aikin Koyar da Turanci da Hausa a Maraɗi

Katsina, Najeriya,
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yarinyar da ta shigo ajin farko na kwalejinku tana da Hausar da ta taso da ita a gida, tana da Faransancin da ta shekara shida tana karatu da shi a firamare, sannan a wannan shekarar ce za a fara ɗora mata Turanci, kuma bayan shekara huɗu za a tambaye ta shi a jarrabawar BEPC. Malamin da zai tsaya a gabanta yana bukatar sanin inda Hausarta za ta taimake ta da inda za ta sa ta tuntuɓe, tun kafin ta buɗe baki. Wannan shi ne aikin da nake yi a Katsina tun 2013, kuma shi ne dalilin da ya sa nake neman gurbin malamar Turanci da Hausa da kuka sanar cewa za ku cike kafin komawa makaranta a watan Oktoba.

Bari in bayyana abin da nake nufi, domin a nan ne za ka fi gane irin malamar da ke neman shiga makarantarka. A Hausa aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci, wakilin sunan da ke gabansa ne yake ɗauke da wannan nauyi: muna cewa na tafi, zan tafi, nakan tafi, kalmar tafi tana nan yadda take. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake taɓawa, ya ƙara masa ɗafa-ƙeya ko ya sauya shi gaba ɗaya. Saboda haka idan ɗaliba ta rubuta labarin abin da ya faru jiya ta bar kowane aikatau a siffarsa ta asali, ba sakaci ta yi ba, dokar harshenta ta bi, kuma jan biro a kan takardarta sau goma ba zai raba ta da wannan ba. Abin da nake yi shi ne in rubuta jimlar Hausa da ta Turanci a kan allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, in sa ɗalibai su nuna da kansu inda lokaci ya ɓuya a kowace jimla. Da zarar sun ga cewa wurin ɓuyan ne ya bambanta, sai gyaran ya koma hannunsu, ni kuma in riƙa tunatarwa kawai.

Haka abin yake a wajen furuci. Bahaushe ba ya bambanta sautin p da na f, yana mayar da v ya koma b, kuma ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu, shi ya sa muka sami burodi da fulawa a bakinmu. Ba na ɗaukar wannan a matsayin abin kunya, kuma ba na barin kowa ya yi wa wata dariya a ajina saboda shi, domin yarinyar da aka yi wa dariya sau ɗaya takan rufe bakinta har ƙarshen zango. Nakan ware minti biyar a farkon kowane darasi mu yi atisayen kalmomi biyu-biyu waɗanda sauti ɗaya kaɗai ya raba su, a fara da saurare kafin a zo ga faɗa. Na san cewa ɗalibanku za su zo da wani abu da nawa ba su da shi, wato karanta kalmar Turanci da sautin Faransanci, da barin h ba a furta ba. Amma kuma suna da wata riba babba, domin sun riga sun saba da juya aikatau a Faransanci, kuma kalmomin Turanci masu yawa, musamman na karatu da mulki da kimiyya, daga Faransanci ko Latin suka shigo, don haka yarinyar Maraɗi za ta gane su tun ganin farko, abin da 'yar Katsina sai ta haddace.

Game da karatuna, na sami shaidar NCE a fannin Turanci da Hausa daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina a 2012, sannan na yi digirin farko a fannin koyar da Turanci a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, na kammala a 2018 ina aiki ina karatu. Ina da rajista da hukumar malamai ta Najeriya, wato TRCN. Na fara koyarwa a ƙaramar sakandare ta 'yanmata a wajen gari, inda aji ɗaya yakan haura ɗalibai saba'in kuma littafin karatu ɗaya sai an yi tarayya a kansa, daga baya aka mayar da ni babbar sakandare a cikin birni, inda nake shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC da NECO, kuma tun 2021 ni ce shugabar sashen harsuna. Na haɗo da sakamakon ajujuwan da na riƙe kamar yadda ya fito daga hukumomin jarrabawar, da na shekarun da aka yi kyau da na waɗanda aka sha wuya, domin ka duba da idonka.

Babban aji ne ya koya mini yawancin abin da na iya. Malamin da ke da ɗalibai saba'in ba zai iya duba insha'in kowa a kowane mako ba, idan kuma bai ba da insha'i ba, ba za su taɓa iya rubutu ba. Na raba ajin gida-gida, kowane gida mutum shida, da 'yar gaba a karatu da mai rauni a haɗe, kowa ta rubuta sakin layi ɗaya, su yi musayar takardu su duba abu guda tak da na ambata a ranar, misali lokacin aikatau ko babban baƙi a farkon jimla. Ni kuma nakan karɓi takardun gida biyu a kowane mako in duba su dalla-dalla, ta yadda kafin zango ya ƙare kowace ɗaliba ta ga hannuna a kan aikinta ba sau ɗaya ba. Inda littafi ya yi ƙaranci, nakan sa su kawo tatsuniya ko labarin sana'ar gidansu da Hausa, mu rubuta shi da ƙa'ida, sannan mu sake gina shi da Turanci mai sauƙi. Ina da damin irin waɗannan rubuce-rubuce da ɗalibai suka yi, kuma na zaɓo uku na haɗa da wannan takarda bayan na cire sunayen masu su.

Darasin Hausa da kuka haɗa da wannan gurbi shi ne ya fi jan hankalina. A watan Maris na bana, kundin sake gina ƙasa da Nijar ta kafa ya bayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, kuma duk makarantar da ta ɗauki wannan da gaske za ta bukaci malamin da ya iya koyar da rubutun Hausa, ba maganarta kaɗai ba. Yara da yawa da ke jin Hausa kamar me, idan aka ba su biro sai ka ga sun haɗa kalmomin da ya kamata a raba, sun bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, ko sun rubuta sautin sh da u yadda Faransanci ke rubuta su. Ina sane da cewa Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tun da an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma ƙa'idar rubutunku tana da 'yan bambance-bambance da tamu, kamar harafin ƴ da kuke amfani da shi a inda muke rubuta 'y. Ƙa'idar Nijar zan koyar, da littattafan da ma'aikatar iliminku ta amince da su. Ba kuma zan zo in ce wa yaran Maraɗi Hausar gidansu kuskure ce ba. Zan nuna musu daidaitacciyar Hausa don rubutu, su riƙe karin harshen iyayensu, wanda a gaskiya shi ne na iyayena, tun da Katsinanci ne a nan, Katsinanci ne a can.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da Faransancina. Na sami shaidar DELF mataki na B1 a 2023, ina iya karanta manhaja da sanarwar hukuma, ina iya cike rajistar aji da takardar sakamako, amma idan taron malamai ya yi zafi ana magana da sauri, zan bukaci a ɗan dakata mini a watannin farko. Na karanta tsarin kwaleji na aji huɗu da yadda ake ba da maki a kan 20, na kuma nemi tsoffin takardun Turanci na BEPC na yi nazarinsu, amma zan so a haɗa ni da wani malami da ya daɗe a makarantar, in zauna a bayan ajinsa kafin in karɓi nawa.

Zaman Maraɗi ba zai yi mini wuya ba. Maigidana ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana bin hanyar Jibiya da Ɗan Isa, muna da dangi a garin waɗanda za mu sauka kusa da su, kuma mun yi shawara mun amince mu koma da yaranmu baki ɗaya, ba in riƙa zuwa ina dawowa ba. Nufina in kai ajin da zan karɓa a bana har zuwa jarrabawarsu ta BEPC, in Allah ya yarda. Fasfona yana da sauran wa'adi, kuma ina roƙon ofishinka ya sanar da ni takardun zama da na izinin aiki da hukumomin Nijar ke nema daga malamin da ya fito daga wata ƙasa, domin in fara haɗa su tun yanzu. Makarantar da nake aiki tana bukatar sanarwar wata ɗaya kafin in ajiye aiki, saboda haka idan na ji daga gare ku kafin tsakiyar Agusta, zan iya kasancewa a Maraɗi tun tsakiyar Satumba.

Na haɗo da tarihin karatuna da aikina, da kwafin shaidun da na ambata, da wasiƙun shaida biyu, ɗaya daga shugabar makarantarmu ɗaya daga jami'in duba makarantu na shiyyarmu. Idan ka amince, ina so in zo in gabatar da darasi ɗaya na Turanci da ɗaya na Hausa a gabanka da malaman sashen, da ɗaliban da ke karatun hutu idan akwai su, kuma ku zaɓi maudu'in da kanku ku sanar da ni kwana ɗaya kafin ranar.

Allah ya ƙara wa makaranta albarka, ya taimake ka a kan riƙon ta. Na gode da lokacin da ka ba wannan takarda.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Shugabar Sashen Harsuna,
sakandaren 'yanmata, Katsina.