Tsarin Tallan Shagonmu na Ɗinki a Ɗorayi, Janairu zuwa Yunin 2026

Yaya, ga tsarin da ka ce in rubuto kafin ka ba ni rancen naira 60,000. Na karanta wa Hafsatu da Bilkisu, tunda da su za a yi aikin, sun kuma amince da abin da ya hau kan kowacce.

Inda muke yanzu

Keke uku gare mu da injin wibin ɗaya. Idan babu gaggawa muna fitar da kala 18 a mako, ɗinki mai kyau wanda ba a dawo mana da shi gyara. Na duba littafin awo, na ƙirga mata 74 da suka taɓa kawo mana ɗinki tun da muka buɗe, amma waɗanda suka dawo a wata shidan da suka wuce 31 ne kawai. A makonnin da ba na Sallah ba da ƙyar muke samun kala 9 ko 10, wato rabin lokaci keke a kwance yake, kuɗin haya kuwa ba ya jira.

Abin da nake so nan da ƙarshen Yuni shi ne mu riƙa samun kala 15 a kowane mako ko ba lokacin Sallah ba, mu sami sababbin kwastomomi 40, mu kuma yi ankon biki aƙalla 4.

Abin da za mu tallata

Iya ɗinki kowa na cewa ya iya. A layinmu kaɗai teloli huɗu ne, kuma biyu sun fi mu kayan aiki, ɗaya ma yana da injin aikin wuya. Ba za mu ja da su a nan ba. Abin da mata suka fi kuka da shi a kan tela shi ne saɓa alƙawari: a ce ki zo Alhamis, ki zo ki tarar ko yanka ba a yi ba, ranar biki ki sa tsohon kaya. Duk matar da na zauna da ita tana da irin wannan labari. To mu da wannan za a san mu. Ranar da muka faɗa, ranar ce. Kowace kwastoma za ta tafi da ƴar takarda ɗauke da ranar karɓa, idan kuma muka saɓa ko da kwana ɗaya ne, za mu cire mata naira 1,000 daga kuɗin ɗinki tun kafin ta yi magana.

Na san wannan na iya ja mana asara a farko. Amma shi ne zai hana mu kwaɗayin karɓar abin da ya fi ƙarfinmu, kuma magana ce mai sauƙin ɗauka, mace za ta iya faɗa wa ƙawarta a gidan suna cikin numfashi ɗaya.

Tallan baki

A nan mafi yawan ƙarfinmu zai tafi, don kusan duk wadda ta taɓa shigowa shagon nan wata ce ta turo ta. Mace ba ta miƙa leshinta mai tsada ga telan da ba ta sani ba. Sai ta ga ɗinki a jikin wata, ta taɓa, ta tambaya wa ya yi.

Farko, matan nan 43 da suka daina zuwa. A makonni biyun farko na Janairu zan kira kowacce da kaina, biyar a rana, in gaishe ta, in tambayi yara, sannan in tambaye ta ko akwai abin da muka yi da bai yi mata ba. Na kusa da mu zan taka har gida, don zuwa da kai ya fi aike. Wadda ta ce an ɓata mata ɗinki, ta kawo mu gyara kyauta. Ba zan yi musu da kowa ba.

Sai tukwici. Duk wadda ta turo mana sabuwar kwastoma, kuma aka yi ɗinkin aka biya, za mu rage mata naira 500 a ɗinkinta na gaba. Idan ta turo uku, mu ɗinka wa ƴarta riga kyauta, ita ta kawo yadi. Na zaɓi ragi a kan ba da tsabar kuɗi saboda ragin zai sa ita ma ta dawo. Bilkisu za ta ja layi a littafi mai taken "wa ya turo ki", kuma ba za a ɗauki awon kowa ba sai an cike shi.

Akwai mata huɗu da amarya da danginta ke bi ta hannunsu kafin su zo wurin tela: mai lalle, mai kitso, mai gyaran jiki, da dillaliyar da ke saro atamfa da shadda a Kantin Kwari tana bin gidaje. Na riga na yi magana da mai lallen bayan layinmu da dillaliyar da Inna ke sayen kaya a wurinta. Za mu ɗinka wa kowacce kala ɗaya kyauta, ɗinkin da muka fi ƙwarewa a kai, ta riƙa sawa idan za ta gidan biki. Mu ma duk wadda ta tambaye mu mai lalle ko inda za ta sami atamfa, wurinsu za mu tura ta. Dillaliyar ce na fi sa rai da ita, domin tana shiga gidajen matan da ba sa fita sosai, tana iya karɓo yadi da rigar gwaji ta kawo, ta mayar da ɗinki. A kowace kala da ta kawo tana da naira 300.

Anko kuwa talla ce mai tafiya da ƙafarta. Mata goma sanye da ɗinkinmu a wurin kamu ko walima sun fi kowace sanarwa. Idan ƙawayen amarya suka kawo kala 8 zuwa sama, ta amarya ko ta babbar ƙawa kyauta ce, da sharaɗin yadi ya iso mana kwana 21 kafin biki. Kowace riga za ta fita da ƴar lambarmu a ɗinke daga ciki, da sunan shago da lambar waya, saboda in an tambayi mai rigar ba sai ta yi lalube ba.

Tallan waya

WhatsApp ne gidanmu, a can kwastomominmu suke. Za mu sauke WhatsApp Business a wayar shago, kyauta ne, mu jera hotunan ɗinki 20 da farashinsu a Catalog, don a daina yawan tambayar "nawa ne". Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wadda muke da lambarta take da tamu ce za ta gani. Haka saƙon Broadcast, ba ya isa ga wadda ba ta ajiye lambarmu ba. Saboda haka kafin kwastoma ta bar shago, Hafsatu za ta roƙe ta ta ajiye lambar a gabanta. Wannan ƙaramin abu shi ne ginshiƙin duk tallan waya.

Hoto uku a rana sun isa, ɗaya da hantsi, biyu bayan isha'i lokacin da mata suka gama aiki suka ɗauki waya. In muka cika sitatus da hoto talatin, wucewa za a riƙa yi. Litinin da Laraba sabon ɗinki, Juma'a kayan da aka gama aka goge suna jiran masu su tare da ranar da aka yi alƙawari, Asabar ɗan bidiyon yadda muke haɗa hannu ko sa zif, a juya rigar a nuna cikinta. Mai sanin ɗinki ciki take dubawa.

Ba za mu sa hoton kowace mace ba sai ta yarda da bakinta, ko ta yarda ma ba za a nuna fuska ba. Yawancin hotuna a jikin gunkin shago za mu ɗauka, gaban farin yadi, a bakin ƙofa da safe inda haske yake. Ba kuma za mu ɗauko hoton ɗinkin wani mu ce namu ne ba. Idan kwastoma ta turo saƙon murya tana yabawa, za mu nemi izininta kafin mu sa.

Ga saƙon da za mu tura farkon Janairu, a rubuce da kuma a murya saboda masu son saurare:

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya da iyali. Mun fara karɓar ɗinkin ƙaramar Sallah. Wadda ta kawo kafin azumi za a yi mata a farashin yanzu, ta karɓa ranar da muka rubuta mata. In muka saɓa, ragin naira 1,000 naki ne. Gurbi kaɗan ne. Mun gode."

Bidiyon Asabar ɗin shi za mu ɗora a TikTok da shafinmu na Facebook, mu rubuta Ɗorayi, Kano a ƙasa don na kusa su gane muna kusa. Hafsatu ce da wannan, minti 30 a rana, ba fiye ba, kada waya ta cinye lokacin keke. Ba za mu biya kuɗin talla a waɗannan shafuka ba, ba kuma za mu biya masu yawan mabiya ba. Mabiyansu suna warwatse a garuruwa, mu kuwa wadda za ta iya hawa adaidaita ta zo awo muke nema.

Lokuta

Ana sa ran fara azumi bayan tsakiyar Fabrairu, ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, babbar Sallah a ƙarshen Mayu. Janairu zuwa farkon Fabrairu lokacin bukukuwa ne, mutane na son a kai amarya kafin azumi, don haka anko za mu sa a gaba. Ɗinkin Sallah da sanyin safiya za mu kama shi: za mu rufe karɓa ranar 10 ga azumi, ko da zarar mun cika kala 90, duk wanda ya riga zuwa. Ranar da muka rufe za mu sanar a sitatus. Na san wasu za su ji haushi, har da ƴan uwa, kuma ina roƙonka Yaya kada ka sa baki a karɓi na kowa bayan nan. Afrilu kasuwa kan yi sanyi, sai mu tallata gyaran kaya, hijabai da kayan Islamiyya, mu kuma yi wa yara huluna da ribom daga ƙyallayen da suka rage mu riƙa sawa a leda kyauta.

Yadda za a kashe kuɗin

Data naira 4,000 a wata, 24,000 ke nan. Lambar cikin riga 9,000. Leda mai kyau da sitika da takardar alƙawari 7,000. Gunki na hannu da farin yadi 6,000. Tukwicin dillaliya da zare da shafin ɗinkin kyauta 10,000. Sauran 4,000 ajiya ce saboda ranar da muka saɓa. Ragin naira 500 daga kuɗin ɗinki zai riƙa fita, ba daga rancen ba. Kowace kwastoma za ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, don kada kuɗin talla ya tafi sayen kayan aikin wata.

Kowace Juma'a da yamma mu uku za mu zauna da littafi mu duba abu huɗu: kala nawa aka kawo, sababbi nawa suka zo, wa ya turo su, alƙawari nawa muka saɓa. Hanyar da ta yi mako shida ba ta kawo kowa ba za mu bar ta, mu mayar da kuɗinta kan wadda ke kawowa. Zan fara biyanka naira 15,000 a wata daga ƙarshen Maris, in Allah Ya yarda in gama a ƙarshen Yuni, kuma duk ƙarshen wata zan kawo maka littafin ka gani da idonka.