Tsarin Lambobi da Jadawalin Bugu na Kundin Ƙa'idojin Ma'aikata

Wannan shafi yana gaban kowane kwafi na kundin, na Larabci da na Hausa, a ofisoshinmu na Jidda, Makka da Madina. Duk wanda zai yanke hukunci da kundin, ya fara duba nan tukuna.

Yadda aka ba da lambobi

Kundin yana da babi 9 da rataye 3. Lamba ta farko babi ce, ta biyu sashe, ta uku sakin layi. Wato 4.3.2 na nufin babi na 4 (lokutan aiki), sashe na 3 (ƙarin awanni), sakin layi na 2. Ba a wuce hawa uku. In magana ta yi yawa har tana neman hawa na huɗu, a raba sashen biyu.

Ba mu amfani da haruffa wajen jera sakin layi. A Hausa bayan b sai ɓ, a jerin Larabci kuwa bayan ba'un sai jimun, to harafi na uku ba zai taɓa zama ɗaya a kwafi biyun ba. Haka ma alƙaluma: 1, 2, 3 ake rubutawa ko a kwafin Larabci, domin biyar ta rubutun Larabci tana kama da sifili, sifilinsa kuma ɗigo ne kawai. Sabon ma'aikaci da ya zo daga Kano ko Maraɗi yakan sha wahala da wannan.

Lambar da aka ba wani sashe tasa ce har abada. In an soke shi, lambar tana nan a wurinta, a rubuta "An soke a bugu kaza" a gabanta, ba a janyo na ƙasa su cike gurbin. Sabon sashe kuwa ƙarshen babi yake zuwa. Mun tsananta a nan ne saboda abin da ya faru a aikin Hajjin 1444, lokacin muna kan tsofaffin takardu. An cire sashe ɗaya a kwafin Makka aka sake jera sauran, na Madina yana nan yadda yake. Wani direbanmu da ya kwana uku yana jigilar alhazai ya zo neman kuɗin ƙarin awanninsa, yana nuna sashe na 12 a takardar da ke hannunsa, ma'aji kuma ya buɗe tasa ya tarar sashe na 12 maganar gyaran mota yake yi. Bawan Allah nan ya yi wata biyu yana jiran haƙƙinsa. Ba za mu yarda a sake haka ba.

Lambar bugu da kwanan wata

Lambar farko tana sauyawa in dokar ƙasa ta tilasta a sake babi sukutum. Ta biyu tana sauyawa in an ƙara sashe, an gyara, ko an soke. Daftarin da ba a sa wa hannu ba ba shi da lambar bugu, kuma ba a aiki da shi.

Kowane bugu yana fara aiki ran 1 ga watan Hijira bisa kalandar Ummul Ƙura. Na Miladiyya ana rubuta shi shekara, wata, rana. Sunan fayil haka yake:

```
Kundi_HA_2.1_2025-06-26.pdf
Kundi_AR_2.1_2025-06-26.pdf
```

Jadawalin bugu

| Bugu | Fara aiki | Wurin da aka taɓa | Abin da ya sauya | Mai sa hannu |
|---|---|---|---|---|
| 1.0 | 1 Muharram 1445 (2023-07-19) | Duka | An haɗa tsofaffin takardu wuri guda | Babban Manaja |
| 1.1 | 1 Ramadan 1445 (2024-03-11) | 4.1.3 | An fayyace awa 6 a rana cikin azumi, bisa sashe na 98 na Dokar Ƙwadago | Shugaban Ma'aikata |
| 1.2 | 1 Zulhajji 1445 (2024-06-07) | 7.5 (sabo) | Hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba | Shugaban Ma'aikata |
| 2.0 | 1 Ramadan 1446 (2025-03-01) | Babi na 5 | Gyaran doka na Fabrairu 2025: hutun haihuwa mako 12, rasuwar ɗan'uwa ko 'yar'uwa kwana 3 | Babban Manaja |
| 2.1 | 1 Muharram 1447 (2025-06-26) | 3.4 | An soke rajistar zuwa aiki ta takarda | Shugaban Ma'aikata |

Bugun da ke aiki yanzu shi ne 2.1.

Sakataren kundi kaɗai ke ƙara layi a jadawalin, kuma ba ya goge tsoho ko da an yi kuskure a cikinsa, sai dai ya gyara a sabon layi. Fassarar Hausa tana fita rana ɗaya da ta Larabci, da lamba iri ɗaya. In suka saɓa, Larabcin ake bi, kamar yadda sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya tanada, amma don Allah wanda ya ga saɓanin ya kawo mana shi a ranar, kada ya yi shiru.

In sabon bugu ya iso, shugaban kowane ofis ya buga wa tsohon hatimin "An daina aiki da shi", ya mayar da shi Jidda cikin kwana 7. Rigimar da ta taso kan abin da ya wuce, da bugun da ke aiki a ranar da abin ya faru ake duba ta.

Sakataren Kundi, Ofishin Jidda
1 Muharram 1447