A Sauko da Kuɗi da Iko Inda Aikin Yake: Jawabi a Taron Ƙara wa Juna Sani na Kansiloli

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, kansiloli, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da safiya.

Mu fara da famfon tuƙa-tuƙa. Robar cikinsa ta cinye, ruwa ya daina hawowa. Gyaran yini ɗaya ne in akwai makaniki da kayan gyara. Amma idan kuɗin yana babban birnin jiha, sai mai unguwa ya gaya wa kansila, kansila ya rubuta wa sashen ayyuka, takarda ta tafi ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jira sa hannu. Kafin a amince, mata sun koma rijiyar da ba murfi, yara masu gudawa sun cika asibitin mazaɓa. Ba kuɗi aka rasa ba. Mai sa hannun ne ba ya shan ruwan famfon.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Kasonsu a asusun tarayya kashi 20.6 cikin ɗari ne. To, sashe na 162 ya bi da kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma nan gizo ke saƙar: aiki a ƙauye, kuɗi a birni. Shi ya sa ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo.

Mun riga mun san yadda ake yi. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya matakin farko, wanda wani ɓangarensa ke shiga asusun bankin asibitin mazaɓa. Shugaban asibitin da kwamitin raya mazaɓa su tsara abin da za a kashe, su sayi magani, su gyara rufin da ke yoyo, ba sai an je birni ba.

Na san za a ce: ai sai a sauko da satar ma. Tsoron yana kan hanya. Albashin ma'aikatan bogi kan cinye kaso tun kafin a zo kan aiki, zaɓen da jam'iyyar gwamna ke lashe kowace kujera kuwa yana haifar da ciyaman mai tsoron gwamna, ba talaka ba. Amma ciyaman ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin jana'iza, ana iya tare shi a tambaye shi.

Don haka ga roƙona gare ku, kansiloli. Duk wata a manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sakateriya, da Hausa. A tantance ma'aikata ido da ido, kowa da lambar BVN ɗinsa. Kowace mazaɓa ta samu makanikin famfo da aka horar, da ɗan asusun gyara da kwamiti zai taɓa da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mace.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum.