Wasiƙar Neman Aikin Hadiza, Bayan Gyara

Ƙanwata, na karanta. Magana ce mai kyau, sai dai kin zuba ta curi guda kamar tuwon da ba a malmala ba: gaisuwa, makaranta, rashin lafiyar Inna da roƙo duk a layi ɗaya, aikin da kike nema kuma sai can ƙarshe ya fito. Na raba ta huɗu, kowane sakin layi da aikinsa. Zancen Inna na cire, ba tausayi za su ɗauka aiki ba. Labarin kasuwar Kejetia da kika ɓoye a tsakiya shi ne ƙarfinki, shi na ba wuri. Ga ta nan.

Aboabo, Kumasi
12 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Hausa

Ranka ya daɗe,

NEMAN AIKIN GABATAR DA SHIRIN MATA

Assalamu alaikum. Na ji sanarwar da gidan rediyonku ya yi ranar Juma'a cewa kuna neman wadda za ta riƙa gabatar da shirin mata na safiyar Asabar, shi ne na rubuto ina neman wannan aiki.

Na gama sakandare a 2018, na yi difloma a aikin jarida, sannan na yi shekara ɗaya ta bautar ƙasa a ofishin yaɗa labarai a nan Kumasi, inda nake mayar da sanarwar gwamnati daga Turanci zuwa Hausa. A Zango aka haife ni, Hausa na sha a nono, kuma ina jin Asantanci sosai.

Abin da ya ja ni ga shirinku, a kasuwa na gano shi. Lokacin bautar ƙasa an tura mu Kejetia mu wayar da kan mata game da inshorar lafiya. Takardun da muka raba, wasu gyaɗa suka ƙulle da su. Amma da na zauna kan benci da wata dattijuwa mai sayar da goro, na karɓi wayarta na nuna mata yadda ake danna *929# a sabunta kati ba tare da bin layi ba, kafin azahar mata sun zagaye mu, kowace da wayarta a hannu. Irin waɗannan matan ne ke sauraronku suna tuya ko suna jiran ciniki, kuma na san yadda ake yi musu magana su tsaya su ji.

Na haɗo kwafin takarduna da muryata ta minti 5 da na naɗa. Idan kun ba ni dama, a shirye nake in zo ku gwada ni duk ranar da kuka sa. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Taku mai biyayya,
Hadiza