Ƙawata, na karanta Zuciyar Amira

Salam Hajjo, ya gida ya yara, ya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gama karanta babi 14 ɗin littafinki da kika turo min a WhatsApp, wanda har yanzu ba ki samo masa ƙarshe ba, wallahi kin iya zance, wajen da Amira ke wanke-wanke tana leƙen Sadiq ta ƙofar zaure har omo ya shiga idonta sai da na yi dariya ni kaɗai. Kakarta Inna Tabawa kuwa kar ki taɓa ta, ita ce gishirin littafin.

Amma tunda kin ce in faɗi gaskiya to ga ta. Sadiq bai shiga raina ba. Kyakkyawa, mai kuɗi, miskili, shikenan, ban san me yake tsoro ba ban san me ya gani a jikin Amira ba, daga marin da ya yi mata a babi na 3 sai kawai ga shi yana cewa ba zai rayu ba sai da ita, haba Hajjo! Marin nan ko ki cire shi ko ya biya bashinsa, ni dai ban yafe masa ba.

Kwatancen kayan lefe shafi uku ya yi yawa, tsallakewa na yi. Sannan ƙanwar Amira Zainab ce a farko, a babi na 9 ta koma Zulaihat.

Ba ki da ƙarshe ne saboda har yanzu Amira bata zaɓi komai da kanta ba, kowa juya ta yake. Ki bar ta ta ce a'a ko sau ɗaya ki gani.

Kar ki fara sakinsa a guruf tukuna dan Allah. Zan shigo Asabar mu zauna.

Taki, Maman Ilham