Dubu Goma Sha Takwas

Sau uku Alhaji Sale yana ƙirga kuɗin da suka rage a jaka, yana lasar yatsa, kuma sau ukun naira 112,000 yake samu. Littafi ya ce 130,000 ya kamata a tarar. Kasuwar Gujungu ta fara watsewa kamar yadda take yi kowace Lahadi bayan la'asar sakaliya, 'yan dako sun gama loda buhu 30 na gero a motar da za ta kwana Dawanau, direba na ta danna oda.

"Ɗan'azumi, wa ya riƙe jakar nan da na tafi masallaci?"

"Ni ne, Alhaji."

"To, 18,000 ta yi ɓatan dabo. Kwano goma sha biyu ke nan cif."

Ɗan'azumi ya ajiye kwanon awo, ya zazzage aljihun rigarsa har da na wando: goro ɓari ɗaya, basilla, da naira 700. Shekara shida yana yi wa Alhaji awo da ɗinkin buhu. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Alhaji ya ce ba sai an kai ga haka ba, amma ladan yinin nan, 5,000, zai zauna a wurinsa sai magana ta fito. Ɗan'azumi ya hau kekensa ko sallama bai yi ba.

Bayan isha'i Alhaji ya kira ɗansa Nura, ɗan aji biyar a sakandare, zuwa zaure. Aikin Nura ne duk daren Lahadi ya ɗauki hoton shafukan ranar ya tura wa ubangidan babansa a Dawanau, wanda ya ba da jarin 2,000,000 na sayen gero.

Hoton farko bai yi ba. Littafin ya sha hannu har ya kumbura a tsakiya, layukan da ke kusa da ɗinki suka lanƙwashe. Nura ya shimfiɗa shi a tabarma, ya danne kusurwa da kwanon sha, ya goge idon kyamara da bakin riga, don ƙurar gero ba ta barin komai. Da ya kunna filashi sai hasken ya wanke rubutun biro a tsakiyar shafi. Ya kashe shi, ya sa ƙanwarsa Ummi ta riƙe tocila daga gefe, ya tsayar da wayar daidai saman takarda ba a karkace ba, ya taɓa fuskar wayar a kan lambobi har suka fito tar. Shafi ɗaya hoto ɗaya, domin in an haɗa biyun ubangida kan ce ba ya gani.

Kafin ya tura, ya buɗe na farko da yatsa biyu don ya tabbata ana karantawa. Kwano 1,500 ne ranar, buhu mai kwano 40 ya kama 60,000. Buhu 6 daga wani manomi, 360,000. Buhu 9, 540,000. Buhu 4 da kwano 24, 276,000. Buhu 5, 300,000. Buhun banza guda 25 a kan 400, 10,000, tunda akwai ragowar biyar na makon jiya. A ƙasa Alhaji ya ja layi biyu ya rubuta jimla: 1,486,000. Nura ya buga a kalkuletar waya, ta fito daidai.

Ya goga zuwa hoto na biyu. Buhu 5 da kwano 16, 324,000. Dako 9,000, ɗinki da zare 3,000, kuɗin kasuwa 6,000, mota 60,000. Ya tara, 402,000, nan ma babu tangarɗa. Har zai danna tura sai maganar malaminsu na lissafi ta faɗo masa, wani dattijo da ya taɓa yin akawu: in kuɗi da littafi suka saɓa, kafin ka zargi kowa raba bambancin da tara, in ya rabu babu saura, nemi inda lamba biyu suka yi musayar wuri. Dalilin a fili yake, duk lamba mai harafi biyu da aka juya, tazararta da ta asali ninkin tara ce: 52 da 25 tazara 27, 31 da 13 tazara 18. Nura ya raba 18,000 da tara, ya sami 2,000 ba ko kwabo a sama. Wato haruffan da suka juya, tsakaninsu biyu ne, kuma a gidan dubu da na dubu goma suke.

Layi ɗaya ne bai duba ba, na can saman shafi na biyu, inda babansa ke rubuta "daga baya". Kowa tsallake shi yake yi, don ba ciniki ba ne, kwafi ne kawai. Ya faɗaɗa hoton har rubutun ya cika fuskar wayar: 1,468,000. Ya koma hoton farko: 1,486,000. Ya yi ta goga gaba da baya yana kallon shida da takwas suna canza wuri. A littafi sai ka juya shafi ka riƙe lambar a ka, a waya kuwa ƙiftawar ido ce tsakaninsu.

Kashe kuɗi na gaskiya 1,888,000 ke nan, ba 1,870,000 ba. Cire shi daga 2,000,000, saura 112,000, abin da ke jaka.

Sai dai rubutun na Alhaji ne, ga kuma Malam Habu da Kawu Tanimu zaune a zauren ana ta jajanta yadda amana ta ƙare a zamanin nan. Nura ya ce caji ya yi ƙasa, ya shige cikin gida. Sai da ya ji sun yi sai da safe sannan ya dawo ya durƙusa.

"Baba, akwai wata lamba da ban gane ba, kada in tura ba daidai ba. Ko za ka duba mini?"

Alhaji ya ɗauko tabaransa mai hannu ɗaya da aka ɗaure da zaren buhu. Nura ya nuna masa ƙasan shafin farko, sannan saman na biyu, bai ƙara ko kalma ba. Alhaji ya sa aka maimaita. Ya jawo littafin da kansa, ya bi da yatsa, leɓɓansa na motsi.

"A tsaye na rubuta wannan. Ana kiran salla, mai buhu biyar ɗin nan na tsaye a kaina." Ya yi shiru. "Innalillahi. Ka tura?"

"A'a, Baba."

Nura ya ɗauko biro zai mayar da shidan takwas, Alhaji ya riƙe masa hannu.

"Ba a cin gyara a kan lamba, sai a ce an yi coge. Ja mata layi ɗaya yadda za a iya karanta ta, ka rubuta ta gaskiya a sama. Haka jimla, haka saura. Ni zan sa hannu a gefe."

Aka gyara wuri uku, Ummi ta sake riƙe tocila, aka ɗauki sabon hoto aka tura. Alhaji ya zare 5,000 daga aljihu ya ninke, ya zura takalmi, ya tsaya a bakin zaure.

"Gobe da safe ka kira mini Malam Habu da kawunka, a kunnensu na faɗa. Yanzu karɓo tocilar nan."

"Baba, goma ta wuce fa."

"Kana tsammanin ya yi barci? Wuce gaba, ka haska mini hanya, akwai kwata a lungunsu."